Shafin Yayana Bayan Rasuwarsa: Mama na So a Goge, Matarsa na So a Bari

Assalamu alaikum Malama. Yayana ya rasu wata uku da suka wuce, ya bar mata da ƙananan yara biyu. A makon jiya Facebook ya tura wa mutane sanarwar zagayowar ranar haihuwarsa, waɗanda ba su ji labari ba suka yi ta yi masa fatan tsawon rai, Mama ta gani ta wuni tana kuka. Yanzu ta ce lallai a goge shafin gaba ɗaya. Matarsa kuma ta ce ba ta yarda ba, tana so yaran su girma su ga hotunan mahaifinsu da rubuce-rubucensa. Ni aka ɗora wa aikin don ni ce na fi sanin waya. Wayarsa tana wajen matarsa a kashe tun lokacin, ba mu san kalmar sirrin shafin ba. A gida ya rasu, takardar likita kawai muke da ita, kuma sunan da ke shafin laƙabinsa ne, ba sunan da ke takardunsa ba. Yana da Instagram da WhatsApp ma. Me kamfanonin nan ke nema, kuma yaya zan yi ban ɓata wa ɗayarsu rai ba?

Wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Yaya, ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Shawarata ta farko ita ce kada ki cika kowane fom a wannan makon, kuma ki roƙi duk wanda ke kusa da ku ya dakata. Dalili shi ne, a wannan lamari akwai matakin da za a iya ɗauka yau a gyara gobe, akwai kuma wanda idan an ɗauke shi an gama, don haka jerin yadda za ki bi matakan ya fi muhimmanci a kan zaɓin da za ku tsaya a kai daga ƙarshe. Tsarin da nake ba ki shi ne a fara kwafe abin da ake son adanawa, sannan a nemi kamfanin ya mayar da shafin na tunawa da mamaci, sai a bar maganar gogewa a matsayin abu na ƙarshe, idan har bayan wani lokaci akwai mai buƙatarta.

Bari in fara da abin da ake nufi da mayar da shafi na tunawa, domin ina kyautata zaton Mama da matar Yaya ba su san da wannan hanya ta uku ba. Idan Facebook ya karɓi shaidar cewa mai shafi ya rasu, yakan sanya kalmar Remembering kusa da sunansa, ya kulle shafin ta yadda babu wanda zai sake shiga cikinsa ko da yana riƙe da kalmar sirri. Hotuna da rubuce-rubuce suna nan yadda suke, amma shafin yana daina fitowa a sanarwar ranar haihuwa, yana kuma daina fitowa a jerin mutanen da ake ba wasu shawarar su ƙulla abota da su. Ashe ke nan abin da ya sa Mama kuka yana da magani ba tare da an goge komai ba, kuma wannan ne ya kamata ta fara ji daga bakinki. Idan duk da haka ganin sunansa yana tayar mata da hankali, daga nata shafin za a iya daina bibiyar nasa, sannan a sashen Memories akwai wurin da ake ɓoye wani mutum don kada manhajar ta riƙa dawo mata da tsofaffin hotunan da suke tare. Waɗannan gyare-gyare biyu a wayarta kawai suke aiki, ba su taɓa abin da wani ke gani, kuma ranar da ta ji zuciyarta ta yi ƙarfi za ta iya warware su.

Akwai kuma abin da ya kamata Mama ta sani game da gogewar da take nema. Idan aka goge shafin, abin da Yaya ya ɗora da hannunsa ne zai tafi, tare da sharhin da ya yi a ƙarƙashin rubutun wasu. Hotunansa da abokai ko 'yan'uwa suka ɗora a nasu shafukan suna nan, domin nasu ne, kuma saƙonnin da ya aika wa mutane za su iya ci gaba da zama a akwatin waɗanda ya aika wa. Saboda haka gogewa ba za ta kawar da fuskarsa daga idonta kamar yadda take tsammani ba, alhali abin da za ta ɗauke wa jikokinta ba ya dawowa.

Matar Yaya ma tana da gaskiyar da za ki faɗa mata, kuma a ganina tata ta fi ta Mama wuyar ji. Shafin tunawa yana nuna kowane hoto ne ga mutanen da mai shi ya zaɓa tun yana raye. Abin da ya saki ga kowa da kowa, kowa zai ci gaba da gani, amma abin da ya keɓe wa abokansa kaɗai, waɗanda ke cikin jerin abokansa ranar da aka kulle shafin su ne kawai za su gani. Yaran ba su cikin wannan jeri, kuma nan da shekara goma idan suka buɗe nasu shafukan suka aika neman abota, babu mai amsa musu, sai fa idan Yaya ya naɗa wasiyyi. Wannan tsari, wanda Facebook ya fito da shi a 2015 da sunan Legacy contact, yana bai wa mutum damar zaɓar wanda zai kula da shafinsa bayan rasuwarsa. Wasiyyin yana iya amsa sababbin masu neman abota, ya sauya hoton fuskar shafi, ya liƙa sanarwa a sama, ya sauke kwafin abin da mamacin ya wallafa idan an ba shi wannan izini, ko ya nemi a goge shafin. Ba ya iya shiga shafin a matsayin mamacin, ba ya karanta saƙonninsa, ba ya kuma cire abokansa. Mai shafi ne ke yin wannan naɗi yana raye, kuma mafi yawan mutane, musamman matasa, ba su taɓa lura da shi ba. Idan ba a naɗa kowa ba, shafin yakan tsaya cak yadda aka kulle shi. Don haka idan burinta shi ne yaran su san mahaifinsu, kada ta dogara ga kamfani ya riƙe mata amanar, kwafin da ke hannunta shi ne abin dogaro.

Akwai ƙarin dalilai biyu da suka sa na ce a fara da kwafi. Na ɗaya, neman a mayar da shafi na tunawa ba a keɓe shi ga dangi ba, abokin aiki ko tsohon abokin makaranta da ke da shaidar rasuwar zai iya aikawa da kyakkyawar niyya ba tare da ya tuntuɓe ku ba, sai dai ku wayi gari ku ga an yi. Na biyu, a wurin da ake naɗa wasiyyi akwai wani zaɓi da mai shafi zai iya yi na cewa a goge shafinsa da zarar an tabbatar ya rasu. Idan Yaya ya taɓa danna wannan, fom ɗin da za ki aika don neman tunawa shi ne zai jawo gogewar, kuma daga waje babu yadda za ki gane ko ya danna. Ba kasafai ake samun haka ba, amma tunda asarar ba ta da gyara, bai kamata a yi caca da ita ba.

Kwafin kuwa ba ya buƙatar kalmar sirri. Ke da matar Yaya, da wani amininsa ɗaya ko biyu, kowa ya buɗe shafin Yaya daga nasa shafin, a bi kundin hotuna ɗaya bayan ɗaya ana saukewa, rubuce-rubuce kuma a ɗauki hoton fuskar waya ta yadda kwanan wata zai fito. Na ce a haɗa da aminansa ne domin wani abin da ya nuna musu ƙila bai nuna wa dangi ba, kuma su za su tace abin da ya dace a miƙa wa yara. Ku fara da bidiyo da duk wani abu mai ɗauke da muryarsa, domin hoto ana samunsa a hannun mutane da yawa, murya kuwa ita ce ke saurin ɓacewa. Abin da aka tara a ajiye shi a wuri biyu da ba su dogara da juna ba, misali kwamfuta da kuma filashi a hannun mutum daban. Ita ma wayar tasa, hotunan da ke cikin ma'ajiyarta yawanci sun fi na shafin yawa da kyau, domin manhajojin sukan rage ingancin hoto idan an ɗora shi.

Tunda na ambaci wayar, na san tunanin da zai zo miki: mai yiwuwa shafin yana buɗe a cikinta, me zai hana a shiga kawai a yi abin da za a yi? Iyalai da yawa haka suke yi, amma ni ba na ba da wannan shawara. Ƙa'idar kamfanin ta hana shiga shafin wani, wannan ɗaya ke nan, sai dai abin da ya fi damuna shi ne akwatin saƙo. A cikinsa akwai sirrin Yaya, akwai kuma sirrin mutanen da suka kai masa kukansu ko suka nemi rance ko shawara, waɗanda suna raye kuma ba su yarda a karanta ba. Magana guda da aka tsinta rabi, wadda mai ita ba ya nan balle ya yi bayani, takan zauna a zuciyar mace shekara da shekaru. Bugu da ƙari, idan aka buɗe shafin daga wayar, abokansa za su iya ganin alamar yana kan layi, kuma kin ga irin firgicin da hakan zai jawo wa Mama.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya shafi wayar da ba ya jira, wato layin da ke cikinta. Kamfanonin sadarwa sukan karɓe lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba su sayar wa wani, kuma wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da kamfani zuwa kamfani. Wanda ya gaji lambar zai iya neman sabuwar kalmar sirri, a turo masa lambobin tabbatarwa ta saƙon tes, ya shige shafin Yaya ya fara neman kuɗi a wajen mutane da sunan marayu. Wannan ne babban haɗarin barin shafi haka nan ba a kulle ba, kuma shi ya sa ban goyi bayan a bar komai yadda yake ba, ko da yake shi ne ya fi sauƙi. Ki roƙi matar Yaya ta kunna wayar, a tabbatar layin yana aiki, a ci gaba da raya shi har a kammala. WhatsApp ma yana da nasa agogon: ba shi da tsarin tunawa da mamaci, kuma yakan goge asusun da ya yi kwana 120 bai haɗu da intanet ba. Wata uku kusan kwana 90 ne, saura wata guda ke nan. Hirar da ke tsakaninki da Yaya tana cikin taki wayar, ta matarsa tana cikin tata, don haka kowa zai iya adana tasa ta hanyar Export chat, wato zaɓin fitar da kwafin hira, ba tare da an buɗe ta wayar Yaya ba. Idan kuma wayar tana ajiye hotuna a asusun Google, ku sani cewa tun daga Disamban 2023 kamfanin ya ba wa kansa damar goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Yanzu ga maganar shaidar da ake nema. Ƙa'idar da za ta taimake ki fahimtar kowane fom ita ce kamfanonin suna tambayar abu uku, kuma nauyin tambayar yana ƙaruwa gwargwadon girman abin da kike so su yi: shin mutumin ya rasu da gaske, shin shafin nasa ne, sannan ke wace ce a wajensa. Neman tunawa yana buƙatar biyun farko ne kawai. Gogewa tana buƙatar dukkan ukun, saboda da ba a tsananta ba, da duk mai jin haushin wani zai iya cewa ya mutu a share masa shafi.

A Facebook, fom ɗin tunawa yana cikin Help Center, wato shafin taimakon kamfanin, da sunan Memorialization Request. Yana neman ki nuna shafin mamacin, ki rubuta ranar rasuwa, ki ɗora shaida, ki bar adireshin imel ɗinki. Shaidar tana iya zama hoton takardar shaidar rasuwa, ko sanarwar rasuwa da aka buga, ko adireshin labarin da wata jarida ta wallafa. Gogewa kuwa tana da fom daban, wanda ake kira Special Request for Medically Incapacitated or Deceased Person's Account, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa hanya mafi sauri ita ce a ɗora hoton takardar shaidar rasuwa. Wanda ba shi da ita sai ya haɗa takarda biyu: ɗaya mai nuna rasuwar, kamar sanarwar da aka buga ko katin tunawa, ɗaya kuma mai nuna ikonsa a kan lamarin mamacin, kamar wasiyya a rubuce, ko takardar wakilci ta shari'a, ko takardar da ke nuna shi ne mai kula da dukiyar da aka bari, ko takardar haihuwa idan mamacin yaro ne ƙarami kuma iyayensa ne ke nema. Instagram, duk da kamfani ɗaya ne da Facebook, yana da nasa fom, kuma a aika masa daban ya fi tabbas. Wajen tunawa yakan karɓi sanarwar rasuwa ko labarin jarida, wajen gogewa kuma yakan nemi shaidar cewa mai nema ɗan'uwa ne na jini ko na aure, ta hanyar takardar haihuwar mamacin, ko ta rasuwarsa, ko shaidar cewa doka ta ba mai neman wakilcinsa. Da a ce yana da shafi a X, wato tsohuwar Twitter, can babu tunawa sam, rufewa ce kaɗai, kuma suna neman katin shaidar mai nema da takardar rasuwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke miƙa kalmar sirri ga dangi, kuma babu wanda ke karɓar kuɗi a kan waɗannan fom, don haka duk wanda ya ce zai buɗe muku shafin ko ya gaggauta aikin idan kun biya shi, ki rabu da shi.

Takardar likitan da kuke da ita ba banza ba ce, amma ba ita ce takardar da hukumar rajistar haihuwa da mutuwa ke bayarwa ba. A yawancin ƙasashe da takardar likita ake zuwa a yi rajistar rasuwa a karɓi ta hukuma, kuma rasuwa a gida ba ta hana a samu. Ki nemi wani babba a gidan ya bi wannan, domin ko ba don shafi ba, banki da wurin aikinsa za su nema. Kafin ta fito, za ki iya gwada fom ɗin tunawa da takardar likitan haɗe da sanarwar rasuwa, tunda buƙatarsa ba ta kai ta gogewa tsanani ba.

Matsalar laƙabi ita ce ta fi sa a mayar da irin wannan buƙata, saboda ƙa'idar Facebook ita ce bayanan da ke takarda su dace da na shafin. Ki saka kanki a matsayin ma'aikacin da zai duba: a gabansa akwai takarda mai sunan yanka da sunan mahaifi, a gefe guda kuma shafi mai wani suna dabam, bai san Yaya ba, bai san garinku ba. Aikinki shi ne ki gina masa gada tsakanin biyun. Ki fara da kwafo ainihin adireshin shafin, ta hanyar buɗe shi, danna ɗigo uku da ke kusa da sunan, sannan zaɓar kwafe adireshi, domin suna kaɗai ba ya isa idan akwai masu irinsa da yawa. Ki duba ranar haihuwar da ke shafin, ki ga ko ta yi daidai da ta takardunsa, ki kuma duba ko ainihin sunansa ya fito a wani wuri, kamar cikin adireshin shafin ko a sashen bayanan kansa. Sannan ki nemi sanarwar rasuwar da ta haɗa sunan biyu da hotonsa, irin wadda ke cewa wane ɗan wane wanda aka fi sani da kaza. Idan wurin aikinsa ko wata ƙungiya da yake ciki ta fitar da irin wannan a shafinta na hukuma, ta fi wadda ɗan'uwa ya rubuta nauyi, idan kuma ba su fitar ba, babu laifi ki roƙe su su yi, tunda gaskiya ce. A wurin ƙarin bayani ki rubuta jimla biyu ko uku kawai: sunansa na takarda kaza, sunan da ke shafin laƙabinsa ne, ga lambar waya ko imel ɗin da ya buɗe shafin da shi, ga dangantakarki da shi. Kada ki taɓa gyara takarda ko hoto don sunan ya dace, domin idan aka gane, kin rufe wa kanki ƙofa.

Wajen ɗaukar hoton takardun, ki shimfiɗa su a wuri mai haske, kusurwa huɗu su fito, suna da kwanan wata da hatimi su karantu. Abin da ba a buƙata, kamar lambar shaidar ɗan ƙasa ko adireshin gida, ki rufe shi da 'yar takarda kafin ki ɗauka, kamfanin ma haka yake ba da shawara. Ki shiga fom ɗin daga cikin manhajar ko shafin taimakon kamfanin, kada ki bi adireshin da wani ya turo miki, domin takardar rasuwa da katin shaida kaya ne masu daraja a hannun 'yan damfara. Amsa takan zo ta imel, wani lokaci tana faɗawa akwatin tarkace, don haka ki riƙa leƙawa. Alamar an yi aikin ita ce bayyanar kalmar Remembering a shafin. Idan aka mayar da buƙatar, mafi yawan lokuta hoton ne bai fito ba ko sunan bai dace ba, sai ki gyara wannan ki sake aikawa da ƙarin shaida, maimakon ki yi ta tura abu ɗaya.

Abu ɗaya da za ki bincika kafin aikawa: idan Yaya yana da shafin kasuwanci ko na ƙungiya, irin wanda ake kira Page, kuma shi kaɗai ne mai kula da shi, kulle shafinsa na kansa zai bar wancan ba mai riƙo, har ma a iya cire shi. Idan akwai abokan ciniki ko basussuka da ke rataye a can, a kwafe bayanan da ke bayyane tun da wuri.

Sai zaman da za ki yi da su biyun. Kamfanin ba alƙali ba ne, ba zai tambayi wa ya fi kusa da mamaci tsakanin uwa da mata ba, duk wadda ta riga kai cikakkun takardu za a iya biya mata buƙata. Kotuna ma sun sha bamban a kan wannan batu: a 2018 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke cewa shafin Facebook yana cikin abin da magada ke gada, a shari'ar iyayen wata yarinya 'yar shekara 15 da ta rasu a Berlin, amma wannan hukunci na ƙasarsu ne, kuma ba na fatan lamarinku ya je ko kusa da nan. Abin da nake so ki ɗauka shi ne duk wanda ke riƙe da takardar rasuwa yana riƙe da ikon gogewa, don haka a yi alkawari a gaban wani babba da su biyun ke girmamawa cewa babu mai aika fom ɗin gogewa sai da sanin ɗayar.

Ki sami Mama ita kaɗai tukuna, a lokacin da hankalinta ke kwance. Kada ki buɗe da cewa ba za a goge ba, ki fara da cewa kin gano yadda za a hana abin da ya faru a makon jiya sake faruwa har abada, ki nuna mata yadda shafin tunawa yake idan kin san wani, ki kuma nemi izininta a gwada wannan na wata shida. Ki tambaye ta ko akwai wani hoto ko rubutu na musamman da ke damunta, domin wani lokaci uwa takan ce a goge duka alhali abu ɗaya ne ba ta so a riƙa tuna ɗanta da shi. Idan haka ne, ki faɗa mata gaskiya cewa bayan kullewa dangi ba su da ikon cire rubutu ɗaya su bar saura, sai dai a kai ƙorafi idan ya saɓa ƙa'idar kamfanin, kuma wannan yana cikin abin da za a auna idan wa'adin ya cika. Matar Yaya kuma ki je mata da aiki a hannu, ku zauna ku yi kwafin tare, ita ce za ta riƙe na farko. Na lura cewa mai tsoron gogewa yakan sassauta da zarar ya ga hotunan a ajiye a wurin da babu mai taɓa su, kamar yadda mai neman gogewa yakan yi shiru idan sanarwa ta daina zuwa.

Idan wata shida suka cika Mama tana nan kan bakanta, matar Yaya kuma ta gamsu cewa babu abin da ya rage ba a kwafe ba, shafin da aka mayar na tunawa ana iya neman a goge shi da wancan fom na biyu, kuma a lokacin takardar hukuma ta zo hannu. Zai fi kyau matar Yaya ko Mama ce za ta sa sunanta a buƙatar, ke ki taya cikawa, saboda dangantakarsu da shi ta fi sauƙin tabbatarwa a takarda, kuma don kada wata rana yaran su tambaya a ce ke kaɗai kika yanke. Idan kuwa matar Yaya ba ta amince ba har lokacin, ra'ayina shi ne a bar shafin a kulle, a ɓoye shi daga wayar Mama, a sake tayar da maganar bayan shekara.